Hanyar Komawa Shafi na Uku

Yayana injiniya ne na gine-gine, ya kuma san aikinsa. Matsalarsa ɗaya ce: kada a yi masa tambaya yana tsakiyar magana. Da zarar an ɗaga masa hannu, sai ya ajiye takardarsa ya bi tambayar nan, ta kai shi wata, ita kuma ta kai shi tarihin siminti, har a tashi taro bai dawo ba.

Haka aka yi a taron farko na mazauna benen da Ummanmu take ciki. Ƙungiyar mazauna ce ta kira kamfanin su Yaya ya duba ginin, shi kuma ya tarar da ginshiƙan ƙasa na ɓangaren gabas sun sha ruwa, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura har yana ɓare siminti. Dole a kwashe mutanen ɓangaren kafin a taɓa komai. Jawabinsa shafi uku ne: abin da ya gani, abin da zai faru idan aka bari, sai na uku, inda kowa zai zauna da yadda za a kwashe kaya da takardar da ke kare haƙƙin kowa a kan gidansa. Bai ko gama na biyu ba tambayoyi suka cinye shi. Mutane suka watse da abu ɗaya a kai, wai korarsu za a yi.

Umma tana hawa na huɗu, a gabas ɗin. Mun yi lallashi, mun yi fushi, Yaya har ya gyara mata ɗaki a gidansa. Ta ce ita ba ta guje wa maƙwabtan da ta tsufa tare da su, in sun tashi ta tashi, in sun zauna ta zauna. Ciyaman ɗin ƙungiya kuwa ya ce taro ɗaya ya rage, a ƙarshensa za a ɗaga hannu a yi ƙuri'a kan tashin, kuma ba zai sake tara mutane a kan maganar nan ba.

Ni a sashen hulɗa da jama'a nake aiki, shirya masu magana shi ne abincina. Ranar taron da safe na je ofishinsa, na ture zane-zanen da suka cika teburi, na baza jawabin.

"Yaya, yau ba ginshiƙi za mu yi ba. Gada za mu yi."

"Wace gada kuma, Auta?"

"'Yar jimlar da za ta dawo da kai kan takardarka bayan ka amsa. Haka muke kiranta. Ka ba da amsa gajeriya, ka faɗi gadar, ka sauka kan layin da ka bari. Kuma da an ɗaga hannu ka ɗora yatsa a kan layin, kada ka ɗauke."

Muka jero tambayoyin da aka yi masa a wancan karon. Kowacce na rubuta mata amsa jimla biyu, sannan gada, sannan na sa alama a gefen jawabin daidai inda za ta sauke shi. Gada mai kyau takan ɗauki kalma daga bakin mai tambaya ta kai ta inda ake so. In an ce, "Yaran makaranta fa?" sai ya ce masaukin da za a kai mutane yana kan hanyar motar da suke shiga, sannan, "Kuma saboda yaran ne aka tsara tashin hawa-hawa, bari in nuna muku." Shi ke nan ya shiga shafi na uku ba tare da kowa ya ji an ja shi ba. Na hana shi maimaita gada ɗaya sau biyu, don mutane ba wawaye ba ne, a karo na biyu za su gane. Na kuma hana shi maimaita kalmar zargi. In an ce "kora", kada bakinsa ya ce "kora", ko da musantawa zai yi.

Komai ya tafi daidai sai da muka zo kan wadda na fi tsoro: za mu dawo?

Na rubuta, "Burinmu kowa ya dawo gidansa, shi ya sa tsarin ya fara da..." Yaya ya karanta, ya tura mini takardar da bayan biro.

"Ba zan faɗa ba."

"Ina ƙaryar a ciki?"

"Babu ƙarya a ciki, amma za su ji kamar na ce e. Ni kuwa ban sani ba. Sai an tokare ginin an fasa ginshiƙan an ga iya inda tsatsar ta ci. Wataƙila a gyara. Wataƙila a ce gabas ɗin ba ya gyaruwa."

"To ka tsaya gaban mutane ka ce ba ka sani ba? Wallahi Yaya kana da ban haushi! Wa zai ɗaga hannu bayan wannan?"

"Ke kika ce amsa tukuna, sannan gada. Wannan taki gada ce zalla."

Raina ya ɓaci, don ya kama ni da dokata. Na soke, na sake rubutawa, na sake sokewa. Kowace jimla mai laushi da na kawo sai ya gano inda ta yi alkawarin da ba shi da shi. Daga ƙarshe, cikin fushi, na rubuta mafi bushewar abin da na taɓa rubuta wa wani: "Wannan ban sani ba, kuma ba wanda zai sani sai an fasa. Ga abin da na sani." Na ja kibiya zuwa layin farko na shafi na uku.

Ya karanta ya ce, "Yauwa."

Ni dai na tabbata mun rubuta abin da zai kashe taron.

Da la'asar aka taru a zauren ƙasa, kan kujerun roba, fanka ɗaya tana juyawa ɗaya ta tsaya. Zauren ya cika har bakin ƙofa. Na zauna a gefe inda Yaya zai iya ganina. Umma tana can layin tsakiya tare da ƙawayenta, jakarta a cinya, ko kallonmu ba ta yi ba.

Shafi na ɗaya ya wuce lafiya. A na biyu hannuwa suka fara tashi. Wata malamar asibiti ta tambayi maganar yara, na ga yatsan Yaya ya sauka kan takarda, ya amsa, ya faɗi gadarsa. Sai dai bai gama shafi na biyu ba, gadar kuwa ta shafi na uku ce, don haka ya ɗan daburce, ya ce zai zo wurin, ya koma kan yatsansa. Na saki numfashi.

Sai telan hawa na biyu ya miƙe, mutum mai murya kamar yana kiran wani a ƙetaren titi.

"Injiniya, ka gaya mana gaskiya. Wa ya aiko ka ka kore mu?"

Gumi ya keto wa Yaya. Idonsa ya faɗa gefen takarda, ya tsallake amsar ya kama gadar. "Abin da ya kamata mu duba shi ne halin da ginshiƙan..."

"A'a! Ka amsa mini! Ba karatu na ce ka yi mini ba!"

Zaure ya ɗauki hayaniya. Wasu a baya suka fara miƙewa, Ciyaman yana buga teburi yana duba agogo. Na ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar da muka yi cewa amsa tukuna. Ban san ko ya gani ba.

"Ka yi gaskiya, ban amsa ba," in ji Yaya. "Ƙungiyarku ce ta kira mu, ba wanda ya aiko ni. Kuma mahaifiyata a kan ginshiƙan nan take kwana. Shi ya sa nake so ku ji abin da zai same su in aka bari."

Wannan gadar ba ni na rubuta ba, amma ta kai shi. Tela ya zauna yana ƙunƙuni. Yaya ya ƙarasa shafi na biyu da sauri, ya kama gefen takarda zai juya. Ciyaman ya ce lokaci ya kusa, tambaya ɗaya ta rage kafin a ɗaga hannu.

Hannun Umma ne ya tashi.

Duk shirin da muka yi, ban taɓa kawo ta cikin masu tambaya ba. Ba ta miƙe ba, ba ta ce injiniya ba.

"Babba," ta ce, yadda take kiransa a gida. "Ni abu ɗaya zan tambaye ka. In na rufe ƙofata na sauko, zan sake buɗe ta?"

A gidan nata na hawa na huɗu ta yi jinyar Abbanmu har ya rasu, kowa a wurin ya sani. Yaya ya tsaya da takarda rabi a juye. A raina ina roƙonsa ya faɗi jimlar da ya ƙi da safe, mai laushin nan, ya ce burinmu kowa ya dawo. Wa zai zarge shi? Uwarsa ce.

Wani a baya ya yi gyaran murya.

"Umma," ya ce, "wannan ban sani ba. Kuma ba wanda zai sani sai an fasa."

Wata mata ta yi salati. Na sunkuyar da kai, ina jiran ƙarar kujeru. Umma tana kallonsa, bai kau da ido ba.

"Ga abin da na sani," ya ce, ya ƙarasa juya takardar.

Ba wanda ya katse shi. Ya karanta shafi na uku daga farko har ƙarshe: masaukin, motocin kwasar kaya, tsofaffi da marasa lafiya a fara da su, takardar da kowa zai riƙe ko an gyara ko an sake gini. Mutanen da suka yi makonni suna zaginsa suka zauna suna ji, har tela ya ce a maimaita masa maganar takardar.

Da Ciyaman ya ce a ɗaga hannu, ba a yi ɗoki ba. Hannuwa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, mutane suna leƙen juna. Na Umma bai tashi da wuri ba, sai da ta goge fuska da gefen mayafi. Da nata ya tashi, na ƙawayenta suka bi. Aka ƙirga, masu goyon bayan tashi suka rinjaya.

Washegari muka je taya ta haɗa kaya. Ta amsa gaisuwarmu a taƙaice, ta ci gaba da naɗe labule. Na ce mata ta ɗauki na sawa da magunguna kawai, manyan kaya masu mota za su zo, ƙananan tarkace kuma a bar su.

Ta shiga ɗakin Abba ta sauke hotonsa ta sa a jaka, sannan ta tsaya tana kallon bangon.

"Babba, zo ka cire mini ƙusar nan ma," ta ce. "Shi ya kafa ta."

Yaya ya je mota ya ɗauko filaya. Sai da ya ja sau da yawa kafin ƙusar ta fito.