Zoben Inna

Dogo mai gyaran wuta ne, kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Ko baƙunci ya je, in ya ji fanka na ƙara, sai ya nemi kujera ya taka. 'Yan gidansu kan ce in ka bar Dogo shi kaɗai a ɗaki da agogon bango, za ka dawo ka tarar da hanjin agogon a kan tabarma.

Da Inna, mahaifiyarsu, ta dawo daga asibiti bayan doguwar jinya, ta rame sosai. Zoben da ke hannunta, wanda a da sai da sabulu yake fita, ya koma yana yawo a yatsa. Ya faɗa cikin kwanon wanke hannu, wata rana kuma aka tsince shi cikin zanin gado. Daga ƙarshe ta cire shi ta ajiye a ƙaramin faranti kusa da magungunanta, tana cewa sai ta yi ƙiba.

Marigayi Baba ne ya sa aka ƙera mata shi. Zinare ne siriri, da ƙananan fararen duwatsu jere a jikinsa, sun zagaye shi kaf. A ciki kuwa an zana sunayen da Baba ke kiran 'ya'yansa da su, su ma sun zagaye: Babba, Shalele, Dogo, Auta. Shalele ce yayar da Dogo ke bi. Ta rasu tana budurwa, kuma tun daga lokacin ba a cika ambaton sunanta a gidan ba.

Wata safiya Dogo ya leƙo gaishe da Inna, ya tarar ta koma barci. Ya ga zoben a faranti, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya auna yatsanta da zare a hankali, ya ƙulla alama, ya jefa zoben a aljihu. Niyyarsa kafin la'asar ya dawo da shi daidai hannunta, ta yi murna, ta sa masa albarka.

Ya fara zuwa shagon wata maƙeriyar zinare da ke bakin babban titi. Mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta sa gilashin ƙara girma a ido, ta juya zoben ta sake juyawa.

"Wannan ba na yankawa ba ne," in ji ta.

"Ragewa kawai za a yi, ɗan kaɗan."

"Na ji. Zoben da aka saba ragewa yana da fili a bayansa, inda babu dutse, nan ake yanka a haɗe. Wannan duba, ina filin? In na yanka, sai na cire duwatsu. In na matse shi ya ƙanƙance, 'yan faratan nan da ke riƙe da sauran duwatsun za su buɗe, su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ga rubutu kuma a ciki, duk inda zarto ya bi sai ya ci sunan wani."

"To me za a yi?"

"Ka kawo mai zoben in auna gaɓar yatsanta, zare ba ya ba da awo. Sai in liƙa 'yan ƙwallayen zinare biyu ƙanana daga ciki, a tsakanin sunayen. Za su kama yatsa ya daina yawo. In ta murmure, a kankare su, zobe ya koma yadda yake."

Dogo ya yi dariya. A ransa ya ce wannan ai irin aikinsu ne in mutum yana jin ƙyuya, ya naɗe waya da tef ya ce an gyara.

"Ni gyara nake so na gaskiya," ya ce.

"To ba a hannuna ba," ta ce, ta miƙa masa zoben.

A layin masu gyaran waya akwai wani mai ɗan teburi da ake kira Nan-take. Yana gyaran agogo, yana liƙa sarƙa, yana huda kunne. Ko gilashi bai sa ba, ya ɗora zoben a sandar awo, ya gwada zaren.

"Wa ya ce ba ya raguwa? Tsoro ne kawai irin na masu manyan shaguna. Je ka sha shayi ka dawo."

"Akwai rubutu a ciki, kada ka taɓa shi."

"Haba maigida, kamar yau na fara?"

Da Dogo ya dawo, zoben na ƙyalli kamar sabo. Nan-take ya ba shi duwatsu biyu a ƙunshe cikin takarda, ya ce ragowa ce. Dogo ya fita rana ya karkata zoben. Babba na nan, Dogo na nan, Auta na nan. Inda Shalele take, sai wani santsi, da guntun harafin farko a gefe guda, da wutsiyar na ƙarshe a ɗaya gefen. Zarto ya ɗauke tsakiyar sunan, magagari ya shafe abin da ya saura.

Ya koma teburin da sauri.

"Ina guntun da ka yanke?"

Nan-take ya nuna masa wani ɗan kasko baƙi, da dunƙulen zinare kamar ƙwayar wake a ciki. Ya riga ya narkar da shi tare da ɓarɓashin wasu ayyukan.

"Ai ciki ne, maigida. Wa ke leƙa cikin zobe?"

Dogo ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tuna an gaya masa tun da safe, kalma da kalma, shi ne ya yi dariya. Ya juya ya tafi.

Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne abin da ya yi da ya isa gida. Ya tarar Inna ta tashi, Yaya Babba da Auta suna ta ɗaga katifa suna neman zoben. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya durƙusa ya kama hannun Inna ya zura mata shi. Zoben ya zauna ɗas.

"Kai, Dogo! Ashe kai ne ɓarawon," in ji Auta tana dariya.

Inna ta ɗaga hannu tana kallo, fuskarta ta washe. "Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka masu yi maka."

Ya ce amin. Takardar duwatsun na cikin aljihunsa, yana jin ta kamar garwashi.

Kwanakin da suka biyo baya ya rage zuwa gidan. In ya zo, daga bakin ƙofa yake gaisuwa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, don ya daina cinye abincinsa. Ya ce zafi ne.

Ranar da abin ya fito, duk suna falon Inna. Tana gyara mayafinta sai zoben ya kama zare ya ja. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta ji rami. Dutse ɗaya ya fita, faratansa sun tsaya a buɗe, ba wanda ya san inda ya faɗi. Ta murza zoben ta cire, ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta miƙa wa Auta.

"Idona ba ya gani sosai. Karanta mini."

Auta ta karanta Babba, ta tsaya. Ta dubi Dogo. Yaya Babba ta karɓa ta duba, ta ajiye a kan tebur a hankali.

"Dogo, me ka yi?"

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa. Ya faɗi komai, har da maƙeriyar da ta hana shi, har da cewa ya gani tun a ranar. Ya ciro takardar ya buɗe a gaban Inna, kansa a sunkuye. Yaya Babba ta fara faɗa, ta ce shi komai sai ya nuna ya iya, yau ga inda iyawar ta kai su. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Da ka sa mini shi, ka san babu ita a ciki?"

"Na sani, Inna."

"Ka bari na sa maka albarka a kai."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta naɗe takardar, ta ɗora zoben a kai.

"Gobe ka zo ka kai ni wurin matar nan."

Komawa shagon ya yi masa nauyi ƙwarai. Ya tsaya a bayan Inna kamar yaron da aka kawo ƙara, duk tsawonsa. Maƙeriyar ta gane shi. Ta ba Inna kujera, ta sa gilashinta, ta bi duwatsun ɗaya ɗaya da bakin hantsaki. Da yawa suna motsi. Wanda ke kusa da mahaɗin ya dushe, wuta ta taɓa shi.

"Mama, zan gaya miki abin da zai yiwu. Zan buɗe inda ya haɗa, in ƙara zinare ya koma girmansa, in mayar da duwatsun nan biyu, in nemo madadin wanda ya ɓata da wanda ya ƙone, in matse faratan duka. Amma zai zama da mahaɗi biyu, ba zai kai ƙarfin da ba. Sai kin riƙa cire shi in za ki yi aiki."

"Sunan fa?"

"Za a sake zanawa. Sai dai hannun wani ne, ba na wanda ya yi na farko ba. Mai lura zai ga bambanci."

Inna ta kalli yatsanta. "A zana. Ko da bambancin."

Maƙeriyar ta auna gaɓar yatsan Inna da zobban awo, saboda ƙwallayen da za ta liƙa bayan an gama. Sannan ta tambayi yadda sunan yake, don abin da ya saura ba ya karantuwa. Inna ta juyo ta dubi ɗanta.

"Gaya mata."

Dogo ya gyara murya. Rabon da sunan ya fito daga bakinsa tun yana saurayi.

"Shalele," ya ce.

"Ɗaga murya, ba ta ji ba."

Ya sake faɗa, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya cika.

Da suka fito rana ta yi zafi, titi ya cika da motoci. Inna ba ta yi masa magana ba. Sai da suka zo tsallakawa ta miƙo hannu ta riƙe gefen rigarsa, suka jira motoci suka rage, ya tsallaka da ita a hankali. A ɗaya gefen ta sake shi, ta ce ƙafafunta sun gaji, ya tsayar musu da mota.