Kuɓewar Alhaji Ubale

A Gagarawa, a wurin ciyayyar da maza ke yi a ƙofar gida bayan magariba, kwanon Alhaji Ubale ake fara buɗewa. Yau tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, gobe faten tsaki da alayyahu, jibi dambun zogale. Ranar da aka ga dama, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa, ko miyar alayyahu da gyaɗa. Mako kan ƙare ba a maimaita ba. Duk daga ɗan lambun da matarsa Husainatu ta killace a bayan madafi suke fitowa, amma yabon Alhaji ke karɓa, yana shafa gemu kamar shi ke ban ruwa.

Shi sana'arsa ajiyar hatsi. Ya saya da kaka, ya kulle, sai bazara ya kai kasuwar Gumel. Wannan ta koya masa cewa duk abin da aka bari ya daɗe sai ya ƙara daraja, kuma bai taɓa ganin dalilin da zai sa a ware kuɓewa daga wannan doka ba. Ransa kan sosu in ya ga Husainatu tana tsinke 'ya'yan da ba su wuce yatsa ba.

"Ki bar su su yi ƙiba mana. Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

"To, Alhaji," in ji ta, wuƙa na ci gaba da aikinta.

Da 'yarsu ta haihu a Maigatari, Husainatu ta tafi zaman jego, ta bar girki a hannun Amatullahi, matar ɗansu. Tun mota ba ta kai Gumel ba Alhaji ya kafa doka: kada a taɓa kuɓewa sai ta cika, kada a yanki alayyahu sai ya yi tsawo, zogale kuma a daina sare masa kai, zalunci ne. Amatullahi a gidan masu lambu ta tashi, ta san abin da zai biyo baya. Amma wace suruka ce za ta ɗaga ido ta gyara wa uban miji zance? Ta durƙusa ta ce, "To, Baba," ta jawo garin kuka.

Aka shiga kuka ba ji ba gani.

"Alhaji, ko lambun ma ya tafi jego ne?" in ji Sajo mai sayar da awaki, yana leƙa kwanon.

"Ku dai ku ci abin da kuka samu. Ranar da na buɗe rumbuna, za ku ga kuɓewar da ɗaya tak za ta cika tukunya."

Kuma lambun bai ba shi kunya ba, a ido. Kuɓewa ta kai tsawon ƙahon rago. Alayyahu ya wuce ƙugu, ya fitar da kai. Zogale ya miƙe ya leƙa gidan maƙwabta. Kowace safiya Alhaji kan zaga, hannu a baya, yana jinjina wa kansa.

Ranar da Husainatu ta dawo, bai bari ta sha ruwa ba ya kai ta bayan madafi. Ta tsaya ta duba. Ta kama ƙwayar kuɓewa guda, ta lanƙwasa bakinta, ya ƙi karyewa. Ta girgiza ta, 'ya'yan ciki suka amsa kamar caki.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji."

"Yau a yi mana ɗanya. Na riga na faɗa wa mutane."

"Wannan ai itace ce. Ko wuƙa sai ta yi da gaske."

"To a shanya a daka."

"Busasshiyar ma da ƙuruciya ake yanka ta. Wannan ba yauƙi, sai zare. Kuma uwar, tun da aka bar 'ya'yanta suka riƙa, ta daina fure. Alayyahun ma iri ya yi, ganyen ya tsufa."

Alhaji ya gyara hula. Da so samu ne da ya je wajen masu kayan miya, amma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa gidansa ba ya sayen ganye.

Zogale kaɗai ya yafe masa. Husainatu ta sa aka sare shi daidai kafaɗa, ta zage ganyen ta dafa, ta tsiyaye ruwan ɗacin. Daren nan dambu. Washegari kwaɗo. Sannan miya, sannan dambun kuma.

"Ina ɗaya-cika-tukunyar?" in ji Sajo.

"Iri na tara," in ji Alhaji ba tare da ya ɗago ba. "Ku da ba ku san kasuwa ba. Bari damina ta matso ku ji kuɗinsa."

Suka ce lalle Alhaji ya yi hangen nesa, suka jawo kwanon maƙwabcinsa Malam Cindo, suka fara da shi.

Da ya shigo gida ya tarar da Husainatu tana ɓare busassun kuɓewa a faifai, ta riga ta kafce ƙasar lambun.

"Yaushe za mu ci sabuwa?"

"Alayyahu nan da wata guda. Kuɓewa wajen biyu, in awaki sun bar ta."

"Wata biyu?"

"Ai ba komai, Alhaji. Kai da kake jiran gero tun daga kaka har bazara."