Ɗaga Hannu a Motar Dogo

Wasiƙar ta zo da hantsi, mai kamfanin tana goge ƙurar tebur. Kamfanin dai ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, da doguwar mota guda ta kai mutane yawon buɗe ido. Ƙanenta Dogo ke tuƙa ta, shi ne kuma ɗan jagora.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya rubuto. Ya ce takardar tallarsu ta yi alkawarin wurare biyar, amma ba a kai su mafaɗar ruwa da kogo ba, sai aka jibge su a shagon tsaraba har rana ta yi sanyi. Ba duka kuɗinsa yake nema ba, kason wurare biyun kawai. Ya haɗo da hoton rasit.

Da farko malamin ta zarga. Ta san irin su, a ci a sha a ɗau hoto, a dawo a ce ba a ƙoshi ba. Amma macuci duka yake nema, wannan kuwa ya yi lissafinsa tsaf. Ta leƙa ta taga. Dogo na wanke mota yana fito, da sabon agogo a hannu. Yaushe ya saya?

“Dogo, zo nan. Ranar Asabar kun je mafaɗar ruwa?”

“Yaya, ai mutanen ne suka ce ba sa so. Na tambaya, aka ɗaga hannu. Kin san tsarina, masu rinjaye nake bi.”

“To kuɗin shiga da na ba ka?”

“Man mota ya cinye.” Ya hango wasiƙar a kan tebur, ya yi dariya. “Wannan tsohon ne ko? Mai hular nan? Tun da muka tashi yake mita, har kujera ya ce ta yi masa tauri.”

Ba ta yi dariyar ba. Takardar sharuɗɗansu ta yarda a sauya wuri idan hanya ta lalace ko ruwan sama ya hana, a kuma mayar da kuɗin abin da ba a yi ba. Babu inda aka ce a jefa ƙuri'a. Kowa kujerarsa ya saya, da wurarensa biyar.

Da ya fita, ta kira wata ma'aikaciyar jinya da ta yi tafiyar.

“Gaskiya mun ɗaga hannu, Hajiya,” in ji matar. “Direban ya ce ruwan ya ƙafe, sai duwatsu da matakala mai karya gwiwa. Kogon kuma wai jemagu sun cika shi. Wa zai so? Tsohon nan ne kaɗai ya ƙi, muka yi ta masa tsiya.”

Ta yi godiya, ta kira mai tsaron ƙofar mafaɗar.

“Ƙafewa? Hajiya, ba kya jin ƙararsa a waya? Mun ma daɗe ba mu ga motarku ba, na ɗauka kun daina.”

Ta aje wayar. Ashe ba Asabar ɗaya ba ce. Ta san masu shagunan tsaraba na ba direba lada a kan abin da fasinja suka saya, ba ta taɓa hanawa ba. Abin da ba ta sani ba, har wurare ake yankewa don cinikin ya yi tsawo. Mutum nawa suka koma gida suna cewa ruwan ya ƙafe?

Dogo ya dawo yana goge hannu. Kallo ɗaya ya yi mata ya daina fito.

“Yaya, ni fa ban tilasta wa kowa ba.”

“Ka tsorata su, suka zaɓa maka. Aje makullin.”

“Saboda wasiƙar tsoho ɗaya? Sai na gaya wa Inna.”

“Ka gaya mata. Ni ma can zan biya.”

Nan ne ya fi mata ciwo. Inna ce ta roƙa masa aikin, kuma daga albashinsa ake sayen maganinta. Dogo ya tsaya yana jiran ta sauko, kamar kullum. Da ya ga ba ta sauko ba, ya aje makullin a hankali, ya fita bai ja ƙofa ba.

Ta ɗauko takarda ta rubuta wa malamin amsa. Ta ba shi haƙuri, ta ce za ta mayar masa da kason wurare biyun, da shi da duk waɗanda suka shiga motar ranar. Wajen dalili ta tsaya, biro a sama. Ta ce hanya ce ta lalace? Ba wanda zai bincika. Ta rubuta, “Laifin daga wajenmu yake,” ta sa hannu.

Sannan ta ɗau mayafi ta rufe ofis, ta nufi gidan Inna tana ta juya yadda za ta fara maganar.