Wa Zai Kira Mai Tirela?

Saura mako biyu wata ukun gwajina ya cika a kamfanin kujeru, daga nan ko a tabbatar da ni a matsayin sakatariya, ko in kwashe kofin shayina in kama gabana. Wadda na gada, magana ta fatar baki ce ta kore ta. An ce wai an sa ta aiki a wurin taro, ta rantse ba a sa ta ba, kuma ba ta da ko layi ɗaya a rubuce. Shi ya sa ni duk taron da aka tashi, kafin kujeru su huce na tura wa kowa imel: abin da aka yanke, wanda zai yi, da ranar da zai gama.

Ranar Litinin muka zauna a ɗakin taro, inda fanka ke kuka kamar an taka mata ƙafa. Wata makaranta na jiran kujeru ɗari biyu ranar Juma'a, don Asabar za ta yaye ɗalibai. Manaja ya tambaya, "Wa zai nemo tirela?"

Mataimakinsa ya buga ƙirji. Ƙanin matar Manaja ne, a bayan idonsa kuma Ba-Matsala muke ce masa. "Yaya, bar min wannan. Ina da mutum. Kira ɗaya ne, ba matsala!"

To, madalla. Na koma tebur na rubuta:

"Abu na uku: za a kai kujeru ɗari biyu ranar Juma'a da safe. Ɗaukar hayar tirela: Mataimakin Manaja. Wa'adi: Laraba, ƙarfe huɗu. Wanda ke da gyara ya turo kafin tashi aiki gobe, in ba haka ba, abin da ke nan ya zauna."

Minti ɗaya bai cika ba amsarsa ta shigo, ga kowa da kowa: "Aiki ya yi kyau, ƙanwata." Haka yake amsa kowane saƙo. Ranar da aka sanar famfon banɗaki ya fashe ma, abin da ya rubuto ke nan.

Laraba da hantsi na tura masa tuni. "Aiki ya yi kyau, ƙanwata." Na bi shi har ofis, na tarar yana yanke farce a kan fayil. Ya ce in kwantar da hankalina.

Juma'a ta zo. Kujeru jere a bakin sito an naɗe su da leda, masu lodi sun zauna a kan guda shida suna hamma, tirela kuwa ko ƙurarta. Shugabar makaranta ta kira sau huɗu, a na biyar ta ce mu riƙe kayanmu, ta samu na haya.

Aka kira taron gaggawa. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi ƙarya da natsuwa irin ta Ba-Matsala ba.

"Yaya, ai ni shawara na bayar. Kiran mota aikin sakatariya ne, kowa ya sani."

Mai kula da sito ya duƙufa kallon silin. Manaja ya juyo gare ni. Ni kuwa na riga na buga imel ɗin a takarda, da tunin, da amsoshinsa biyu. Na miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, abu na uku."

Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya ɗago ya dubi surukinsa. "Kai ka rubuta aiki ya yi kyau?"

"Gaisuwa ce, Yaya."

Har cikin raina na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce yau dai rubutu ya yi rana.

Manaja ya tuɓe tabarau, ya daɗe yana murza ido. Ina jin lissafin abin da zai tarar a gida yake yi. Can ya ce matsalar ita ce saƙonnin nan sun cika tsauri, suna sa mutum ya ji kamar ana farautarsa. Daga yau duk bayanin taro sai Mataimaki ya duba kafin a tura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, batun tabbatar da ni fa? Ƙarshen wata ne."

"Sa shi a cikin bayanin taron nan. Mataimaki zai rubuto takardarki kafin ranar talatin."

Na sa shi, abu na biyu, da mai yi da rana. Na tura wa Ba-Matsala don ya duba, bisa sabuwar doka. A karo na farko tun zuwana, bawan Allahn nan ya zauna ya karanta saƙo daga sama har ƙasa. Awa guda ya ɗauka.

Ya dawo min da shi da gyara biyu kacal. Inda na sa Mataimakin Manaja, ya mayar "za a duba". Inda na sa ranar talatin, ya mayar "nan gaba kaɗan".

A ƙasa ya ƙara: "Tura haka. Aiki ya yi kyau, ƙanwata."