Lambobin Cikin Baka

"Miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin," in ji Adda Hussaina. "Sau uku jikata tana tarawa. A ƙasan takardar kuma dubu ɗari uku da hamsin. Ina sauran, Bubayero?"

"Ba ni wayar, Adda."

"Ka cinye ta ita ma?"

Ita ce shugabar ƙungiyar masu nono ta Bauranya, shi ne ma'aji. Bayan la'asar za a yi taro a gindin tsamiyar nan, kuma ta rantse a nan za ta kira shi ɓarawo.

Ta miƙo wayar. Hoton takarda ne da akawunsu na Kankia ya turo, bayanin shige da ficen kuɗin shekara. Bubayero ya buɗa hoton da yatsu biyu. Rana na ratso ganye, lambobin suna ninƙaya a kan gilashin. Wasu a sake suke. Biyu kuwa an rufe kowace cikin baka biyu, kamar jinjirin wata hagu da dama. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ga kamar shanu ne suka bi burtali suka tafi, aka bar masa sawunsu.

"Barci kake?"

"Karatu nike."

Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara.

"Layin sama, abin da muka shiga shekara da shi: dubu ɗari huɗu. Cinikin nono, bayan an fidda kuɗin mota da na robobi, dubu ɗari tara. Nawa ke nan?"

"Miliyan da ɗari uku. Ban tsufa haka ba."

"Wannan ta cikin baka, dubu ɗari bakwai, firijin sola ne. Duk abin da aka sa a baka fita ya yi, ɗebewa ake. Saura ɗari shida. Ta biyun, ɗari biyu da hamsin, rancen da muka maida."

Adda ta motsa leɓe, tana lanƙwasa yatsu. Can nesa wata saniya ta yi kuka.

"Ɗari uku da hamsin," ta faɗa a hankali.

Ya nuna mata layin ƙarshe. Haka aka rubuta, ko kwabo bai ɓata ba.

"Yarinyar cewa ta yi ado ne akawu ya yi masu."

"Adon ya yi tsada."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan saiwar tsamiya, ta ja mayafi, tana kallon hanyar Kusada, inda mata ke dawowa daga kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙore a ka.

"Tun da sahe na gaya masu ka ci kuɗin," in ji ta. "A mota. Duka."

Bubayero ya dubi lissafin da ke ƙasa. Iska ta fara cin gefensa.

"To, Adda, cikinsu wa zai tsaya ya karanta wannan?"