Hannun da Zai Yi wa Jika Wanka

Duk macen da ta haihu a layinmu, Yaya Asama'u ce mai yi mata wankan jego. Ta yi wa 'ya'yan maƙwabta, ta yi wa matan 'yan haya da ko sunan garinsu ba ta sani ba. Sai da 'yarta tilo, Umaima, ta kusa haihuwar fari, hannun dama ya ce bai san zancen ba.

Ni ce ƙanwarta, Mardiyya, a gidanta nake zaune, kullum ina bin motar Abuja zuwa aiki. Bara waccan aka cire mata mama saboda ciwon daji, aka haɗa da kaluluwar hammata, aka yi mata gashi da na'ura. Mun ɗauka an gama. Can sai awarwaro ya fara kama ta, hannun riga ya ƙi shiga, hannu ya yi nauyi kamar taɓarya.

Sista Toyin, mai duba ta a asibiti, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hanyar da ruwan jiki ke bi ya koma ciki ce aka cire, shi ya sa yake taruwa.

"Hajiya, wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Kada ki bari ya ji ciwo, ko cizon sauro. Ban da ruwan zafi. Allura da awon jini, ki miƙa ɗaya hannun."

Haka muke yi. Da safe in wanke mata hannun, in tsane har tsakanin yatsu, in shafa mai. In riƙa shafa fatar a hankali ina kora ruwan wajen kafaɗa, sannan mu sa safar hannu mai matsewa da aka ba mu a asibiti. Ta ɗaga hannu, ta dunƙule, ta buɗe. Ranar da ya ɗan saɓe sai ta yi ta murna, zafin Suleja ya taso ya mayar da shi inda yake. Raina yana ɓaci, amma ban san wa zan yi wa faɗa ba.

"Mardiyya, zai sauka kafin Umaima ta zo wanka?"

"Sai dai mu yi ta yi, Yaya."

Amsar ba ta ishe ta ba. Zancen kuwa ya kai kunnen Hajiya Bilkisu, ƙanwar mijin Yaya, wadda ba a taɓa yin ciwon da ba ta san maganinsa ba. Ta zo daga Gauraka ina wajen aiki, ta latsa hannun, ta ce ai ruwa ne kawai, ruwa kuwa zuƙe shi ake yi. Da zuciya ɗaya ta aika aka kira Sabo wanzami.

Na dawo na tarar da safa a kan igiya, hannu kuma ga shaidar ƙaho da tsaga tun daga damtse. Wani farin ruwa yana tsattsafowa.

"Kin gani? Yana fita," in ji Yaya, fuskarta cike da murna. Rabon da in ga wannan murnar tun kafin a yi mata aiki. Na buɗe baki zan yi masifa, sai kuka ya riga ta fitowa.

Na wanke wurin, na rufe da bandeji. Washegari da yamma hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ta tana karkarwa. Muka kwashe ta sai asibiti. Sista Toyin ta dubi tsagar, ta dube ni. Daga baya ta yi mini bayani cewa ƙwayar cuta ta shiga, kuma irin wannan hannu ba shi da ƙarfin korar ta. Aka kwantar da Yaya, ana ɗura magani ta hannun hagu.

Tana can Umaima ta haifi namiji.

Zazzaɓi ya tafi, muka dawo gida da hannun da ya fi da girma, fatar ta yi tauri, an naɗe shi har yatsu. Umaima ta iso da jaririnta. Aka dafa ruwa, aka yanko ganyen darbejiya. Wa zai yi wankan? Hajiya Bilkisu ce ta naɗe hannun riga, idonta a ƙasa. Ko ita ban iya jin haushinta ba ranar.

Yaya tana zaune a bakin ƙofa, nesa da tururi, hannu a kan matashi. Tana kallo ana wanke jikanta.

"Tallafe masa ƙeya, Bilkisu. Bayan kunnen fa... a hankali."

Hannun hagu yana motsi a cinyarta, yana cuɗa abin da ba ya nan. Da aka gama, Umaima ta naɗo yaron a tawul ta durƙusa gabanta.

"Umma, ga angonki."

Yaya ta yunƙura da dama, yadda ta saba karɓar 'ya'yan mutane, hannun ya taso kaɗan ya koma kan matashi. Ta daɗe tana kallon yaron.

"Mardiyya," ta ce, "zo ki riƙe mini shi kusa, in ji ƙamshinsa."