Ranar da Auta Ta Ce A'a

Auta da yayarta guga suke yi a otal ɗaya. Yaya ma'aikaciyar dindindin ce, ga albashi, ga hutun shekara, ko zazzaɓi ya kwantar da ita kuɗinta na tafiya. Auta kuwa sai an kira ta, ranar da ba ta riƙe dutsen guga ba, ba ta da ko sisi. "'Yar jiran waya," haka Yaya take tsokanarta.

Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, manaja ya kira Auta, wai baƙi sun cika.

"Yau dai a yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce, ta ƙara jan bargo. Ta leƙo, ga Yaya tana neman lema. "Ni ina da ikon cewa a'a. Ke fa, uwar dindindin? A gaida zannuwan gado!"

Da yamma Yaya ta dawo sharkaf, ta tarar Auta ta tasa waya a gaba.

"Yaya, ya yi maganar gobe?"

"Ya ce a gaishe ki," in ji Yaya tana matse mayafi. "Ashe shi ma yana da ikon ƙin kira."